Nazarin fandamental da na teknikal: wace tambaya kowannensu yake amsawa?

Wanda ya buɗe asusun sayen hannun jari a wurin dillali, ko ya fara leƙa kasuwar kirifto, ba ya daɗewa sai ya ci karo da ɓangarori biyu. Wani ya ce masa ya karanta rahoton kuɗin kamfani, sauran duk shirme ne. Wani kuma ya ce komai yana cikin zanen farashi, karatun rahoto ɓata lokaci ne. Sai mutum ya rasa na kamawa. Gaskiyar magana, hanyoyin nan biyu ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Nazarin fandamental yana amsa cewa: mene ne wannan abin da zan saya, kuma nawa ya dace in biya? Nazarin teknikal kuwa yana amsa cewa: me masu saye da sayarwa suke yi da farashin yanzu, a ina zan shiga, kuma a ina zan yarda na yi kuskure in fita? Yawancin asarar da ake jingina wa ɗaya daga cikinsu ta samo asali ne daga yi masa tambayar ɗan'uwansa.

Za mu gwada su ne a kan hannayen jarin kasuwar Najeriya, wato NGX, domin a nan bambancin ya fi fitowa fili.

Ma'aunan da za mu auna su da su

Na farko shi ne tambayar da hanyar take amsawa, da abin da take dogara da shi wajen amsawa. Na biyu tsada, kuma ba kuɗin koyo kawai ba, har da kuɗin dillali da lokacin da mutum zai kashe. Na uku ƙarko: in ka sami amsa yau, kwana nawa za ta yi tana aiki kafin ta lalace? Na huɗu sauƙi, na koyo da na aikatawa, domin ba ɗaya ba ne. Na biyar haɗari, wato ta wace ƙofa hanyar take kayar da mai bin ta, kuma da wace alama zai gane.

Misali ɗaya za mu riƙe har ƙarshe. A ce akwai wani kamfanin sarrafa abinci da hannun jarinsa yake kan naira 40. Kamfanin da alƙalumansa na misali ne, amma lissafin haka yake a zahiri.

Nazarin fandamental

Wannan hanya tana ɗaukar hannun jari a matsayin wani yanki na kasuwanci mai rai, wanda yake sayar da kaya, yake biyan ma'aikata, yake cin bashi. Benjamin Graham, malamin Warren Buffett a Jami'ar Kolombiya, shi ne ya fi kowa shimfiɗa ta tun shekarun 1930. Abin da ya dage a kai shi ne a ƙiyasta darajar kamfani, sannan a saya ƙasa da ita sosai, domin ko ƙiyasin ya yi kuskure a sami rata.

Kayan aikin ba sa wuce takardu uku da ke cikin rahoton kuɗi: bayanin riba da asara, bayanin kadarori da basussuka, da bayanin shige da ficen tsabar kuɗi. Kamfanonin da ke kan NGX suna fitar da rahoton wata uku-uku, da na shekara wanda masu binciken kuɗi suka tantance, kuma ana samun su kyauta a shafin kasuwar.

Mu ɗauki kamfaninmu. Ya ci ribar naira biliyan 8 bayan haraji, kuma yana da hannayen jari biliyan 2. Raba biliyan 8 gida biliyan 2, kowane hannu ya sami naira 4. Shi ne abin da ake rubutawa EPS. Raba farashi, naira 40, da wannan naira 4, ka sami 10, wato P/E. Ma'anarsa, in ribar ta tsaya yadda take, sai kamfanin ya yi shekara goma kafin ya samar da kuɗin da ka biya. Kamfanin ya raba wa masu hannun jari naira 2.40 a kan kowane hannu. Ana cire harajin kashi 10 cikin ɗari tun kafin kuɗin ya iso gare ka, saura naira 2.16. A kan naira 40 wannan kashi 5.4 cikin ɗari ne a shekara.

Yanzu sai a tambaya: kashi 5.4 da yawa ne ko kaɗan? Amsar tana wajen kamfanin. A watan Disamba na 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, kuɗin ruwan Babban Banki yana kan kashi 27.5. A irin wannan yanayi takardun bashin gwamnati da sukuk suna ba da abin da ya ninka kashi 5.4 sau da yawa, ba tare da haɗarin kamfani ba. Saboda haka wanda ya saya a naira 40 yana cewa ne ribar kamfanin za ta yi girma da sauri, kuma dole ya iya faɗin dalili: ko kamfanin yana iya ƙara farashin kayansa ba tare da masu saye sun gudu ba, ko ya buɗe sabuwar masana'anta. In bai iya faɗin dalilin a jimla biyu ba, bai gama nazari ba.

Inda aikin ya fi daɗi, kuma inda masu gaggawa suke tsallakewa, shi ne takardu biyun da suka rage. A ce bayanin tsabar kuɗi ya nuna cewa kuɗin da suka shigo daga ainihin ciniki naira biliyan 3 ne kawai, alhali an rubuta ribar biliyan 8. Ina biliyan 5? Yawanci suna hannun diloli da aka ba kaya bashi, ko sun maƙale a kayan da ke jibge a sito. Shekara ɗaya hakan ba laifi ba ne. In ya maimaitu shekara uku, ribar tana kan takarda ne, kuma rabon ribar da ake biya daga bashi yake fitowa. Sannan a leƙa bayanan da ke bayan rahoton a ga basussukan da wane kuɗi aka ci su. A ce kamfanin yana da bashin dala miliyan 10. Dala tana naira 800, bashin biliyan 8 ne. Ta koma 1,500, ya zama biliyan 15. Asarar biliyan 7 ta faɗo, ta kusa cinye ribar shekara guda, ba tare da cinikin kamfanin ya ragu da buhu ɗaya ba.

Wannan ya faru a zahiri. Bayan an saki naira a watan Yuni na 2023, MTN Nigeria ta ƙara samun kuɗin shiga amma ta rufe shekarar da asarar kusan naira biliyan 137, ta 2024 kuma kusan biliyan 400, saboda nauyin da ke kanta na dala. Nestlé Nigeria ma ta faɗa asara a 2023 ta wannan ƙofar. Bankuna kuwa, masu riƙe da kadarorin dala, sai ribarsu ta kumbura, har Babban Banki ya hana su raba wannan ribar canjin ga masu hannun jari. Duk wanda ya karanta bayanan basussuka kafin Yuni ya san wa zai sha wuya in naira ta faɗi, wa zai ci moriya. Babu zanen farashin da zai gaya masa haka. Abin da rahoton bai gaya masa ba shi ne ranar da za a saki nairar.

Akwai wata tambaya da wannan hanyar kaɗai take amsawa, kuma ta dami masu karatu da yawa: shin hannun jarin nan halal ne? Sai an san sana'ar kamfanin, ko giya yake yi ko bashi da ruwa yake bayarwa. Sannan ma'aunin hukumar AAOIFI, mai tsara ƙa'idojin harkar kuɗi ta Musulunci, ya ce bashi mai ruwa kada ya wuce kashi 30 cikin ɗari na darajar kamfanin a kasuwa, kuɗin shiga daga haramtacciyar hanya kada ya wuce kashi 5. Kamfaninmu darajarsa a kasuwa biliyan 80 ce, wato 40 sau biliyan 2. Bashin biliyan 15 bai kai kashi 19 ba, kamfanin ya cika sharaɗi. In farashi ya faɗi zuwa naira 24, darajar ta koma biliyan 48, bashin ya haura kashi 31, ya fita daga sahu. NGX tana da ma'auni na musamman, NGX Lotus Islamic Index, na kamfanonin da aka tantance ta irin wannan hanya, kuma wuri ne mai kyau na farawa.

Ta fuskar tsada, takardun kyauta ne, kuma mai wannan hanya ba ya yawan saye da sayarwa, don haka kuɗin dillali ba ya cinsa. Abin da yake biya lokaci ne. Karanta rahoton shekara na kamfani ɗaya da kyau, a gwada shi da na shekaru uku zuwa biyar da suka wuce, aikin kwanaki ne ga sabon shiga. Amma amsar tana da ƙarko. In ka fahimci yadda kamfanin siminti yake samun kuɗi, wannan sanin zai yi maka shekaru, sai dai ka riƙa sabunta shi duk wata uku da sabon rahoto.

Haɗarinsa iri uku ne. Na farko, alƙaluman na iya zama ƙarya. A 2006 an gano cewa an yi shekaru ana kumbura lissafin Cadbury Nigeria, kuma a 2009, da Babban Banki a ƙarƙashin Sanusi Lamido Sanusi ya binciki bankuna, an ga ramukan da rahotanninsu ba su nuna ba. Alamar da ake iya kamawa tun da wuri ita ce wadda muka ambata, riba tana hawa tsabar kuɗi ba ta biyo ta, ko kuma rahoto yana yawan makara, ko ana yawan canza masu binciken kuɗi. Na biyu, abu na iya zama da araha don ya cancanci arahar. Kamfani mai P/E na 3 wanda cinikinsa yake raguwa kowace shekara ba garaɓasa ba ce. Na uku, kuma shi ya fi cin mutane, kana iya yin daidai amma kasuwa ta ƙi yarda da kai shekara biyu. Mai kuɗin da zai buƙata bayan wata shida, na haya ko na makarantar yara, ba zai iya wannan jiran ba, sai ya sayar a ƙasa alhali nazarinsa bai yi kuskure ba.

Nazarin teknikal

Wannan hanya ba ta tambayar me kamfani yake sayarwa. Abu biyu take kallo, farashi da yawan hannayen jarin da aka yi cinikinsu. Tushenta a Yamma yana komawa ga Charles Dow, wanda ya rasu a 1902, zanen kyandir kuma, wanda yake nuna hawa da saukar farashi da 'yan sanduna masu kama da kyandir, daga 'yan kasuwar shinkafa na Japan ya fito. Hujjarta ita ce duk abin da mutane suka sani, da tsoronsu da kwaɗayinsu, yana bayyana a cinikin da suke yi, kuma farashi in ya ɗauki hanya yakan ɗan jima a kanta.

Manhajoji irin su TradingView suna da ɗaruruwan ma'aunai, amma huɗu sun isa aiki. Akwai madogara, wato farashin da in an sauko gare shi masu saye suke fitowa, da rufi, inda masu sayarwa suke tare hanya. Akwai matsakaicin farashi na kwana 50 da na kwana 200, wanda yake nuna ko tafiyar sama take yi ko ƙasa. Akwai yawan ciniki, wanda ake gani a allo da sunan `Volume`. Sai RSI, wanda J. Welles Wilder ya fito da shi a 1978, yana auna ƙarfin hawa da sauka na kwana 14 a kan sikeli daga 0 zuwa 100. Sama da 70 ana cewa an yi saye da yawa, ƙasa da 30 an yi sayarwa da yawa.

Mu koma ga kamfaninmu. A wata huɗu da suka wuce, sau uku farashi yana saukowa naira 38 yana komawa sama, sau biyu kuma yana kai 46 yana dawowa. Yau yana 40, yana saman matsakaicin kwana 200. Mai teknikal zai ce: zan saya a 40, in ya faɗi zuwa 37 madogara ta karye, na fita, in ya kai 46 na sayar. Yana sa naira 3 a haɗari don neman naira 6. Daga nan sai ya fitar da adadin da zai saya. Jarinsa naira 500,000 ne, kuma ya yanke cewa ba zai yi asarar fiye da kashi 2 cikin ɗari a ciniki ɗaya ba, wato naira 10,000. Raba 10,000 da 3, hannaye 3,333 ke nan, kuɗinsu kusan naira 133,000. Sauran kuɗin yana ajiye.

Wannan lissafin, a ganina, shi ne mafi amfanin abin da teknikal ya kawo. Tun kafin mutum ya saya ya san inda zai fita da nawa zai rasa. Mai fandamental sau da yawa ba shi da wannan, domin in farashi ya faɗi, hanyarsa cewa take yi abin ya ƙara araha.

Amma a duba abin da kuɗin ciniki yake yi wa wannan tsarin. A NGX, in aka haɗa ladan dillali da kason hukumar SEC mai sa ido a kan kasuwar hannun jari, da na kasuwar kanta, da na CSCS mai ajiye hannayen jarin masu saye, da haraji, shiga da fita na iya cin kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari. Kowa ya duba takardar cinikin da dillalinsa yake turo masa, domin sun bambanta. Mu ɗauka kashi 2 a saye, kashi 2 a sayarwa. In cinikin ya yi kyau, ribar naira 20,000 za ta koma kusan 14,300. In ya ɓaci, asarar naira 10,000 za ta zama kusan 15,100. A kan zane, ko sau ɗaya cikin uku ya ci ba zai yi asara ba. Da aka cire kuɗin ciniki, sai ya ci fiye da rabin cinikinsa kafin ya dawo da uwar kuɗi. Masu koyar da teknikal da misalan kasuwar Amurka, inda dillalai da yawa ba sa karɓar lada, ba su cika faɗin wannan ba, kuma shi kaɗai ya isa ya kashe ciniki na 'yan kwanaki a Legas.

Matsala ta biyu ita ce fitar kanta. A NGX hannun jari ba ya hawa ko sauka fiye da kashi 10 cikin ɗari a rana. In mummunan labari ya fito, farashi yana iya buɗewa a naira 36, masu sayarwa sun yi layi, babu mai saye ko ɗaya. Gobe 32.40, jibi wajen 29. Wanda ya ce zai fita a 37 yana kallo ne kawai. Umarnin `Stop Loss`, wato a sayar da zarar farashi ya faɗi zuwa inda aka yanke, yana aiki ne in akwai wanda zai karɓi kayan. Saboda haka kafin a zana layi ko ɗaya, a duba yawan cinikin yau da kullum. Hannun jarin manyan bankuna irin su Zenith da GTCO ana cinikin miliyoyinsu a rana, shiga da fita ba wuya. Ƙaramin kamfanin da ake cinikin 'yan dubbai, mutum biyu masu kuɗi sun isa su zana kowace siffa suke so a kansa, har su ja wasu su shigo sannan su sauke musu kaya.

Akwai kuma tarkon da sababbi suke faɗawa kowace shekara. Ranar da aka rufe rajistar masu cin rabon riba, kasuwa tana rage farashi daidai da abin da za a biya. Kamfaninmu zai sauka daga 40 zuwa 37.60 ba tare da kowa ya sayar ba. A zane sai ka ga kamar madogarar 38 ta karye. Haka in an ba da kyautar hannu ɗaya a kan kowane huɗu, farashi zai ragu da kashi 20 cikin ɗari. Mai teknikal da ba ya duba sanarwar kamfani zai gudu daga abin da ba komai ba ne. RSI ma yana yaudara: in tafiya ta yi ƙarfi, yana iya zama sama da 70 makonni, wanda ya sayar don ya ga 72 sai ya bar rabin ribar a baya.

Koyon teknikal yana da sauƙi a fuska. A mako biyu mutum zai san sunayen kyandir ya iya ja layi. Aikatawar ce da wuya, domin zanen jiya kowa gwani ne a kansa, na gobe kuwa babu shi a allo. Kuma mutum biyu za su kalli zane ɗaya, wannan ya ga hawa wancan ya ga sauka. Maganin wannan shi ne a rubuta ƙa'idar shiga da fita a takarda, a gwada ta a kan tsofaffin farashi tare da cire kuɗin ciniki, sannan a riƙa rubuta kowane ciniki da dalilinsa. Amsar da teknikal yake bayarwa ba ta da ƙarko. Wadda aka ɗauko daga zanen kwana-kwana takan yi makonni, ta zanen awa ɗaya ba ta kwana, kuma sanarwa ɗaya daga Babban Banki tana iya share ta.

A taƙaice cikin tebur

| Ma'auni | Fandamental | Teknikal |
|---|---|---|
| Tambaya | Me zan mallaka, nawa ya dace in biya? | Ina farashi ya dosa, ina zan shiga, ina zan fita? |
| Abin dogaro | Rahoton kuɗi, basussuka, yanayin tattalin arziki | Farashi da yawan ciniki |
| Tsada | Lokacin karatu mai yawa, kuɗin dillali kaɗan | Kayan aiki kyauta, kuɗin ciniki mai yawa |
| Ƙarkon amsa | Watanni zuwa shekaru | Awoyi zuwa makonni |
| Sauƙi | Wuyar farawa, sauƙin riƙewa | Sauƙin farawa, wuyar ɗorewa |
| Babban haɗari | Alƙaluman ƙarya, dogon jira | Alamar ƙarya, rashin mai saye, yawan ciniki |
| Abin da ba ya gani | Lokaci | Daraja |

Inda ake haɗa su, da inda haɗin yake ɓaci

Mai sayen ragon kiwo yana duba haƙora da ƙashi da lafiya don ya san ragon, yana kuma lura da yadda kara take cika da yadda farashi yake motsi gabanin Sallah don ya san ranar saye. Ba wanda zai ce masa ya zaɓi ɗaya. Haka nan ma, tsarin da ya fi ma'ana shi ne fandamental ya tace kamfanoni, a rage su zuwa biyar ko shida da mutum ya yarda da su, ya rubuta farashin da ba zai wuce ba a kan kowanne. Sannan zane ya taimaka wajen lokaci: kada a zuba kuɗi gaba ɗaya alhali farashi yana ƙasan matsakaicin kwana 200 yana ci gaba da gangarawa, a raba sayen kashi uku, a jira gangarar ta lafa.

Wani lokaci kuma zane yana jan kunnen mai fandamental. In rahoto yana da kyau amma farashi yana ta sauka da ciniki mai yawa, wataƙila akwai waɗanda suka san abin da bai fito ba tukuna. Wannan ba dalilin sayarwa ba ne kai tsaye, dalilin komawa ne a sake karanta bayanan basussuka. A ɗaya gefen, a farkon 2008 zanen kasuwar Najeriya yana ta hawa, ma'aunin kasuwar ya haura 66,000 a watan Maris, kafin ya gangaro zuwa wajen 20,000 a 2009. Wanda ya tambayi da wane kuɗi ake wannan sayen, ya ji cewa bashin banki ne ake ci ana sayen hannun jarin bankunan, ya ga abin da zanen bai nuna ba.

Mummunan haɗi shi ne canza hanya a tsakiyar ciniki. Mutum ya saya a 40 don madogarar 38, farashi ya faɗi zuwa 35, maimakon ya fita sai ya ce ai kamfanin mai kyau ne, zan riƙe. Bai taɓa buɗe rahoton kamfanin ba. Ko kuma ya saya don shekara biyar bayan dogon nazari, ya ga jan kyandir uku a jere, ya sayar. Duk ciniki, a rubuta tun farko da wace hanya aka shige shi, kuma da ita za a fita.

Wanne ya dace da wa

Ma'aikaci ko ɗan kasuwar da yake ware wani abu duk wata, ba zai taɓa kuɗin ba sai bayan shekara uku zuwa sama, kuma ba shi da lokacin kallon allo, fandamental ne nasa. Ya koyi karanta takardun nan uku, ya tsaya a kan kamfanoni kaɗan da ya fahimci sana'arsu. Zane bai zama dole gare shi ba, in ban da ya duba yawan ciniki don ya tabbata zai iya fita ranar da ya so.

Wanda damuwarsa ta farko halacci ne, ba shi da zaɓi, sai fandamental, kuma ya riƙa sake lissafin bashin duk lokacin da sabon rahoto ya fito ko farashi ya faɗi sosai.

Wanda yake son ciniki na makonni a NGX yana buƙatar teknikal, amma da sharuɗɗa: manyan kamfanoni masu yawan ciniki kawai, ribar da ake nema ta ninka kuɗin ciniki sau huɗu ko biyar, kuma kalandar fitar rahoto da ta rabon riba tana gabansa.

Mai cinikin kirifto ko canjin kuɗi na awoyi, teknikal ne kusan duk abin da yake da shi, domin Bitcoin ba shi da riba ko rabon riba da za a lissafa P/E da su. Abin da ya rage masa na fandamental shi ne sanin adadin kwabban da ke yawo, da ranar da za a saki waɗanda aka kulle, da ko su wa suka riƙe mafi yawa. A nan lissafin adadin da za a saya ya fi kowane ma'auni muhimmanci, domin wanda ya ninka jarinsa sau goma da aron dandali, motsin kashi 10 cikin ɗari ya isa ya share asusunsa.

Wanda zai buƙaci kuɗinsa cikin wata shida ko shekara, babu ɗayansu da zai kare shi. Ya nemi asusun zuba jari na gajeren lokaci mai rajista da SEC, akwai na tsarin Musulunci a cikinsu, ya bar hannun jari sai ya sami kuɗin da zai iya jira.